Ayaba, Wake Da Alayyafo: Maganin Mai Hawan Jini, Haɗarin Mai Ciwon Ƙoda

Da wuya a gano hawan jini a jikin mutum a ƙasar nan, a yi mako guda ba a sami wanda ya ce masa ya riƙa cin ayaba ba. Wani zai ce dabino, wani ya ce ganyen alayyafo da zogale, wani kuma ya kawo masa labarin sabon gishirin da aka ce ba ya tayar da jini. Ba na cikin masu yi wa wannan shawara dariya, domin tana da tushe a ilimi. Abin da ya haɗa waɗannan abinci shi ne sinadarin fotasiyam, kuma an tabbatar yana sassauta hawan jini. Damuwata ita ce rabin shawarar ake bayarwa. Ɗaya rabin, wanda ba a faɗa, shi ne cewa amfanin fotasiyam ya rataya ne a kan lafiyar ƙoda, kuma hawan jini na daga cikin manyan abubuwan da ke lalata ƙodar. Ma'ana, a cikin mutanen da muke cusa wa ayaba da kyakkyawar niyya akwai waɗanda ita ce za ta iya tsayar musu da zuciya.

Bari mu fara da ɓangaren alherin. Gishirin da muke ci yana ɗauke da sodiyam, shi kuwa sodiyam ruwa yake riƙewa a jiki. Idan ya yi yawa, jinin da ke bin jijiyoyi yakan ƙaru, matsinsa a kan bangon jijiyoyin ya hau. Fotasiyam kishiyarsa ne. Idan mutum ya ci abincin da ke da shi, ƙoda takan saki sodiyam mai yawa ya fita ta fitsari, ruwa ya bi shi, sannan bangon jijiyoyin jini ya ɗan saki jiki. Wannan ne ya sa a shekarar 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar babban mutum ya samu aƙalla miligiram 3,510 na fotasiyam a rana daga abinci, ya kuma rage gishiri zuwa ƙasa da giram 5, wato kwatankwacin ƙaramin cokalin shayi guda, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da burodi da taliyar leda.

Nawa ne ragin? Idan aka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan ƙarin fotasiyam shi kaɗai, lambar sama ta awon jini takan sauko da maki uku zuwa huɗu, ta ƙasa kuma da kimanin biyu, kuma a wurin masu hawan jini ake ganin hakan. Idan aka gyara abincin gaba ɗaya, ragin ya fi haka. A wani gwaji da aka wallafa a Amurka a 1997, an ciyar da mutum 459, fiye da rabinsu baƙaƙen fata, na tsawon mako takwas. Rukunin da aka ba abinci mai yawan ganyaye da 'ya'yan itace da nono marar maiƙo, masu hawan jini a cikinsu sun samu ragin maki 11 a lambar sama da 5 da ɗoriya a ta ƙasa. Wannan ya kai aikin ƙwayar magani guda. Amma mai karatu ya lura: wanda jininsa ke kan 170 bisa 100, ko ya samu wannan ragin duka, bai sauko ƙasa da 140 bisa 90 ba. Abinci mataimakin magani ne, ba magajinsa ba.

Ba sai an je kantin masu kuɗi ba kafin a kai ga adadin da aka faɗa. Mu ɗauki misalin wani magidanci ɗan shekara 50, mai hawan jini, wanda ƙodarsa lafiya lau take, mu bi abincinsa na yini guda. Da safe ya ci dafaffen wake cikin kofi ɗaya: wannan ya ba shi kimanin miligiram 480. Da rana ya ci faten dankalin turawa mai nauyin giram 300, wanda ke ɗauke da wajen 1,100. Da dare aka yi masa miyar da ya samu giram 100 na dafaffen alayyafo a cikinta, ga 640. A tsakani ya ci ayaba biyu matsakaita, 840, da lemon zaƙi guda, 240, da ƙananan dabino biyar, 260. Idan aka haɗa, ya haura 3,500, tun ba a lissafa tumatir da gyaɗa da tuwon kansa ba. Alƙaluman kintace ne, sukan bambanta da irin shuka da yadda aka dafa, amma sun isa su nuna cewa abincinmu na gargajiya mai wake da ganye ya fi farar shinkafa nesa ba kusa ba, domin giram 100 na dafaffiyar farar shinkafa bai wuce miligiram 35 ba.

Ga wannan magidanci, duk abin da ya ci alheri ne. Jikinsa zai ɗauki abin da yake buƙata, ƙoda ta zubar da saura. Kusan kashi 90 cikin ɗari na fotasiyam ɗin da ke barin jiki ta fitsari yake fita, ɗan ragowar kuma ta bayan gida. Shi ya sa da wuya ƙwarai mai lafiyayyar ƙoda ya cutu da fotasiyam ɗin abinci, komai yawan ayabar da ya ci.

A nan akwai wani ruɗani da ya kamata a warware, domin na sha jin sa har a bakin masu ilimi. Da yake 'yan boko na kiran kanwa da sunan fotash, wasu sun ɗauka kanwa ita ce fotasiyam, har suna ganin kunun kanwa ko jiƙonta zai sauke musu jini. Ba haka ba ne. Kanwar da ake haƙowa a yankin Tafkin Chadi da ƙasar Manga, mafi yawan abin da ke cikinta sodiyam ne, ɗan'uwan wanda ke cikin gishiri. Mai hawan jini da ke zabga kanwa a wake da miya ƙara wa kansa nauyi yake yi. Wadda ke da fotasiyam na gaskiya ita ce tokar tsirrai, irin ruwan tokar da ake tacewa a sa a miya. Don haka mai hawan jini ya yi hattara da kanwa, mai ciwon ƙoda kuwa ya yi hattara da duka biyun.

Yanzu mu juya ga ɗaya fuskar. Kusan duk fotasiyam ɗin jiki, wajen kashi 98 cikin ɗari, a cikin ƙwayoyin halittar jiki yake zaune. Ɗan abin da ke yawo a jini kaɗan ne, kuma jiki na tsare shi a cikin wata 'yar matsattsiyar iyaka: tsakanin milimol 3.5 da 5.0 a kowace lita. Dalilin wannan tsaro shi ne bugun zuciya ya dogara ne a kan wani ɗan lantarki da ke tashi daga bambancin fotasiyam ɗin da ke cikin ƙwayar tsoka da wanda ke wajenta. Idan na jini ya hau, bambancin ya ragu, saƙon lantarkin ya rikice. Daga 5.5 likita ya fara damuwa. A 6.0 ana buƙatar mataki ba tare da jinkiri ba. Idan ya kai 6.5 ko ya zarce, maganar gaggawa ce ta kwanciya asibiti, domin zuciya na iya rikicewa ta tsaya.

Abin tsoron shi ne hauhawar ba ta cika yin sallama ba. Wasu kan ji kasala mai tsanani, ƙafafu su yi nauyi har tashi daga zaune ya gagara, ko su ji tsikari a leɓe da yatsu, ko tashin zuciya, ko bugun zuciya ya yi sanyi ko ya riƙa tsallake. Amma da yawa ba sa jin komai sai faɗuwa. Ba a gane ta da ido, ba a gane ta da na'urar awon jini ta gida. Gwajin jini ne kawai ke nuna ta, sai hoton bugun zuciya da ke nuna ko ta fara taɓa zuciyar.

To, mu ɗauko magidanci na biyu, shi ma ɗan shekara 50, mu ba shi abincin nan na farko ba ragi ba ƙari. Bambancinsa da na farko shi ne ya yi shekara goma sha biyu da hawan jini da ciwon sukari, yana shan magani yana bari. Ƙodarsa ta lalace a hankali ba tare da ya sani ba, domin ciwon ƙoda ba ya sa ciwon baya kamar yadda ake zato, kuma mutum na iya rasa fiye da rabin aikin ƙodarsa yana fitsari yadda ya saba. A ce an yi masa gwajin kiriyatinin, aka lissafa ƙarfin tacewar ƙodarsa ya fito 22, alhali na lafiyayyen matashi kan kai 90 ko fiye. Yana shan lisinofiril don hawan jini, an kuma ƙara masa sifironolakton saboda kumburin ƙafa. Duka magungunan biyu suna rage fitar fotasiyam ta ƙoda. A ce gwajinsa na ƙarshe ya nuna 5.2, wato yana bakin iyaka.

Sai wani ɗan'uwa mai son sa ya kawo masa gishirin masu hawan jini. Irin wannan gishiri, an cire wani kaso na sodiyam ne aka maye gurbinsa da fotasiyam kuloraid. Idan mai kashi 25 cikin ɗari ne, giram 5 nasa na ɗauke da kimanin miligiram 650 na fotasiyam. Akwai waɗanda kashi biyu cikin uku nasu fotasiyam kuloraid ne, su kuwa giram 5 ya kai wajen 1,700. Kuma wannan ba kamar na ganye da wake ba ne, wanda wani kaso nasa ke wucewa ta hanji ba a tsotse shi ba. Na gishiri kusan dukkansa yake shiga jini. Ana cikin haka gwiwa ta dame shi, ya aika kemis aka sayo masa dikilofenak, ya sha kwana huɗu. Wannan rukunin magungunan ciwon jiki, har da ibufurofen da firoksikam, suna rage jinin da ke isa ƙoda. A ƙara da zafin watan Afrilu, ko gudawa ta kwana biyu da ta ƙafar masa da ruwan jiki. Babu guda cikin waɗannan da ya zama dole ya kashe shi shi kaɗai. Haɗuwarsu ce ke iya ɗaga 5.2 ta haura 6.5 cikin 'yan kwanaki, iyali kuma su ce lafiyarsa ƙalau ya kwanta.

Abincin wani gubar wani, in ji Hausawa, kuma masu binciken da suka tabbatar da amfanin gishirin nan sun san da haka. Babban gwajin da aka yi a ƙauyuka 600 na ƙasar Sin, wanda aka wallafa a 2021, ya bi mutum kusan 21,000 na kusan shekara biyar. Waɗanda aka ba gishiri mai kashi 25 na fotasiyam kuloraid sun samu ragin shanyewar ɓarin jiki da kashi 14 cikin ɗari, ragin mutuwa kuma da kashi 12. Sakamako ne mai girma. Amma tun farko ba a shigar da masu tsananin ciwon ƙoda ba, haka ma masu shan magungunan fitsari da ke riƙe fotasiyam. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawararta kan irin wannan gishiri a farkon 2025, ta keɓe masu matsalar ƙoda da yara da masu juna biyu. Idan labarin ya iso gare mu, alƙaluman ragin ne ke isowa, sharaɗin kan maƙale a hanya. Ga shi kuma a gidajenmu tukunya ɗaya ce: gishirin da aka sauya saboda maigida, tsohuwar gidan ma shi za ta ci.

Su wane ne, ke nan, ya wajaba su tsaya su yi tambaya kafin su ƙara fotasiyam? Na farko duk wanda aka taɓa ce masa yana da ciwon ƙoda, musamman idan ƙarfin tacewarta ya sauka ƙasa da 30, da duk wanda ake yi wa wankin ƙoda. Na ƙarshen nan haɗarinsa ya fi na kowa a wurinmu, domin ƙa'idar wankin sau uku ne a mako, amma tsada ta sa da yawa ba sa samun haka, kuma duk tsawon ratar da ke tsakanin wanki da wanki, fotasiyam taruwa yake yi. Na biyu wanda ya daɗe da ciwon sukari ko hawan jini bai taɓa gwada ƙodarsa ba, da tsofaffi, waɗanda ƙodarsu kan ja baya da shekaru. Mutanen yankunan da ciwon ƙoda ya yi ƙamari, irin Gashuwa da kewayenta a Jihar Yobe, su ma kada su ɗauki lafiyar ƙoda a matsayin abin da aka tabbatar sai an gwada.

Na uku kuma masu shan wasu magunguna. Akwai dangin lisinofiril da enalafiril, akwai dangin losatan da telmisatan, akwai sifironolakton da amiloraid, wanda ake haɗawa da wani maganin fitsari a ƙwaya ɗaya da aka daɗe ana rubuta wa masu hawan jini a Nijeriya. Maganin ƙwayoyin cuta da aka fi sani da seftirin shi ma yana ɗaga fotasiyam. Ba duk maganin hawan jini ne haka ba. Amlodifin da nifedifin ba ruwansu da shi, furosemaid da haidurokulorotayazaid kuwa zubar da shi suke yi, har mai shan su kan iya buƙatar ƙari. Saboda haka mutum biyu da ke zaune a benci ɗaya a asibiti, da ciwo iri ɗaya, shawarar abincinsu na iya zama kishiyar juna. Ina kuma jan kunne: kada wanda ya ga sunan maganinsa a nan ya daina sha. Lisinofiril da losatan na cikin magungunan da suka fi kare ƙoda da zuciya. Abin da ake buƙata shi ne a gwada jini mako ɗaya zuwa biyu bayan fara su ko ƙara yawansu, sannan a ci gaba da gwadawa lokaci zuwa lokaci.

Gwajin da ke raba gardama ba wani boyayyen abu ba ne. Jini ake ɗiba a duba kiriyatinin da gishirin jini, wanda fotasiyam ke ciki, a kuma duba fitsari ko akwai furotin, domin yoyon furotin kan riga sauran alamu bayyana. Mai hawan jini ya cancanci wannan gwaji tun ranar da aka gano ciwon, sannan aƙalla sau ɗaya a shekara. Idan takardar ta fito, ya tambayi likita abu biyu a fili: nawa ne ƙarfin tacewar ƙodata, nawa ne fotasiyam ɗina? A kuma sani cewa gwajin kan yi ƙarya ta sama. Idan jinin ya fashe a kwalba, ko ya daɗe a ajiye kafin a auna, ko an ɗaure hannu an sa mutum yana ta dunƙule shi, lambar na iya fitowa da yawa alhali ba haka take a jiki ba. Maganin wannan shi ne a maimaita gwajin nan take, ba a yi watsi da shi ba.

Idan an tabbatar fotasiyam na hawa, ba a nufin mutum ya koma farar shinkafa da mai. A da ana miƙa wa duk mai ciwon ƙoda dogon jerin haramtattun abinci, ya rame, ya rasa ganye da 'ya'yan itace, bayan gida ya ɗaure masa. Wannan ɗaurewar ma illa ce, domin idan ƙoda ta gaza hanji ne ke ƙara ɗaukar nauyin fitar da fotasiyam. Masana ƙoda a yau sun fi karkata ga a bi sakamakon gwajin kowane mutum: wanda lambarsa ke cikin iyaka ba a takura shi, wanda tasa ta hau akan sa masa ƙa'ida, sau da yawa wajen miligiram 2,000 zuwa 2,500 a rana. A fara da cire manyan masu laifi: gishirin fotasiyam, ruwan toka, ƙwayoyin ƙarin sinadarai, jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba, da magungunan ciwon jiki na kemis. Sai abubuwan da aka busar ko aka matse, domin busarwa tattara sinadari take yi: dabino, tumatirin gwangwani wanda giram 100 nasa ya kai miligiram 1,000, garin busasshen ganye idan ana shan sa cokali-cokali a matsayin magani, da ruwan lemo da na kwakwa.

Dabarar girki ma tana aiki, domin fotasiyam na narkewa a ruwa. Dankali ko doya, a fere, a yanka ƙanana, a tafasa cikin ruwa mai yawa, a zubar da ruwan, sannan a sarrafa. A dankalin turawa wannan na iya cire kusan rabi. Jiƙawa kawai ba tare da tafasawa ba ba ta cire abin kirki, suya da gashi kuwa ba sa cire komai. Ganye ma a tafasa a tsiyaye kafin a sa a miya, wake a jiƙa a zubar da ruwan, a dafa a sabon ruwa a sake tacewa. Fate da dafa-duka su ne akasin haka, domin ruwan da sinadarin ya narke a ciki shi ake ci. Da wannan, farantin magidancinmu na biyu zai iya sauyawa ba tare da yunwa ba: rabin kofin wake maimakon cikakke, dankalin da aka tafasa aka tace, kabeji da kokwamba a madadin tulin alayyafo, yankan abarba ko tuffa guda a madadin ayaba biyu. A watan azumi kuma ya kula da buɗa-baki, inda dabino da ayaba da lemo da ƙosai da soyayyen dankali kan taru a zama ɗaya, a cikin jikin da ya yini ba ruwa. Maganar ko zai yi azumin ma, ya kai ta gaban likitansa tun kafin watan ya kama.

Ra'ayina shi ne a sauya jerin yadda muke ba da wannan shawara, daga asibiti har zuwa zaure. Ma'aikacin lafiya da zai ce wa mai hawan jini ya yawaita 'ya'yan itace ya fara duba takardar ƙodarsa da jerin magungunansa. Masu sayar da gishirin fotasiyam su rubuta gargaɗin a kan kwalin da harshen da mai saye ke karantawa, hukumomin da ke sa ido a kan abinci da magunguna kuma su tilasta hakan. Mu kuma da ke zuwa dubiya da ledar ayaba da dabino, mu riƙa tambaya kafin mu miƙa: an duba ƙodarka kuwa? Idan an duba tana lafiya, ya ci wake da ganye da ayaba, ya rage gishiri da kanwa, ya riƙe maganinsa. Idan ba a duba ba, kuɗin ledar nan gara a haɗa a biya masa gwajin.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ƙara mana lafiya.